Ina Zai Taɓa? Jagorar Warware Tambayoyin Jarrabawa Kan Tsabtace Kayan Aiki Da Hannu A Asibiti

Tambayoyin da ke kayar da ɗalibai a fannin kare yaɗuwar cuta ba su ne na "kawo ma'anar kaza" ba. Waɗannan hadda ce, kowa na iya yi. Masu kayarwar su ne na labari: a ba ka wani kayan aiki da aka gama amfani da shi, ko a ba ka nas da ke zirga-zirga tsakanin gadaje, a ce me ya kamata a yi, kuma a wane lokaci. Zaɓi huɗu za a jera maka, uku daga cikinsu duk abubuwa ne da ake yi a asibiti, babu wanda za ka kalla ka ce shirme ne.

Tambaya ɗaya ce ke buɗe kusan dukansu: wannan abin, ƙarfe ne ko roba ko hannun ma'aikaci, daga ina ya fito, kuma ina zai taɓa nan gaba? Idan ka amsa ta kafin ka kalli zaɓin da aka jera, rabin aikin ya ƙare. Ga yadda ake bin ta daki-daki.

Mataki na farko: raba matakan tsabta uku a kanka

Wanki shi ne cire jini, majina, mugunya da sauran dauɗar da ido ke gani, da ruwa da sabulu da buroshi. Ba kisa ne burinsa ba, cirewa ce. Disinfekshan shi ne kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta a kan abin da ba shi da rai, amma ba ya ba da tabbacin kashe sifo, wato ƙwayar bakteriya da ta shige cikin sulke ta kwanta tana jiran yanayi ya gyaru. Sitarilaizin kuwa kashewa ce kakaf, har da masu sulken. Don haka iyakar da ke tsakanin biyun na ƙarshe ita ce sifo, kuma duk tambayar da ta ce "mene ne babban bambanci", amsar da ta ambaci sifo ita ce taka.

Wanki kullum shi ne farko. Jinin da ya bushe a maƙogwaron almakashi yana kāre ƙwayar da ke ƙarƙashinsa daga tururi, kuma yana cinye ƙarfin kulorin kafin ya kai ga ƙwayar. Wasu magungunan ma, irin su gulutaraldehaid da sifirit, daskarar da furotin suke yi su manne shi a jikin ƙarfe. In aka tambaye ka matakin farko, ko matakin da ya fi muhimmanci, wajen sake shirya kayan aiki, kada girman sunan otokilef, injin kashe ƙwaya da tururi, ya ruɗe ka. Wanki ne.

Sai maganin da ake shafa wa fata mai rai, kamar kuloheksidin da aidin da sifirit kafin allura. Shi antiseftik ne. Fatar mutum ba a yi mata kashewar kakaf, komai gogewa, domin akwai ƙwayoyin da ke zaune a cikin ramukan gashi da na gumi. Zaɓin da ya ce an yi wa hannun likitan tiyata sitarilaizin, ka soke shi ba tare da dogon tunani ba.

Mataki na biyu: duba inda kayan zai taɓa

Wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan Amurka, Earle Spaulding, shi ya kasa kayan asibiti gida uku bisa ga inda suke taɓawa a jiki, kuma rabon nasa ne har yau ake koyarwa.

Gida na farko, kiritikal, kayan da ke huda fata su shiga nama, jijiyar jini, ko wani sashe na jiki da asalinsa babu ƙwaya a ciki. Wuƙar tiyata, allura, kanula, robar fitsari da ke shiga mafitsara, ƙarfen da ake dasawa a ƙashi. Waɗannan sai kashewa kakaf, babu rangwame.

Gida na biyu, semikiritikal, kayan da ke taɓa tattausar fatar ciki mai danshi, ta baki, hanci, maƙogwaro, farji ko dubura, ko fatar da ta yi rauni, amma ba sa hudawa. Na'urar leƙa ciki, wato endoskof, da ƙarfen buɗe maƙogwaro lokacin sa bututun numfashi, da sifekulom na duba mata. Mafi ƙarancin abin da ake yi musu shi ne disinfekshan mai ƙarfi, wanda ke kashe komai ban da tarin sifo masu yawa. Dalilin rangwamen shi ne fatar ciki mai lafiya tana iya jure wa 'yan sifo, amma ba ta jure wa ƙwayar tarin fuka ko bairos.

Gida na uku, nonkiritikal, kayan da ke tsayawa a kan lafiyayyar fata. Abin sauraren ƙirji, maɗaurin awon jini, sandar guragu, ƙarfen gefen gado. Wanki da disinfekshan mai sauƙi sun wadatar.

A nan masu shirya jarrabawa suka fi ɗana tarko, domin kayan aiki ɗaya yana iya sauya gida. Ma'aunin zafi da aka sa a hamata yana gida na uku, wanda aka sa a baki ko a dubura yana gida na biyu. Maɗaurin awon jini da jini ya ɓata ya wuce gogewar yau da kullum, sai an wanke an sa magani matsakaicin ƙarfi. Endoskof ɗin ciki yana gida na biyu, amma ɗan hantsakin da ake zurawa ta cikinsa don a tsinko nama a kai gwaji yana gida na farko, tunda yana yanka fatar ciki ya haɗu da jini. Na'urar leƙa ciki da ake shigarwa ta hanyar huda ciki ko gaɓa daga waje, ita ma gida na farko take, duk da cewa danginsu ɗaya da endoskof. Sunan abu ba ya nuna gidansa, inda ya taɓa ne ke nunawa.

Ka kuma lura da kalmar "mafi ƙaranci" a cikin tambaya. In an ce mene ne mafi ƙarancin abin da sifekulom ke buƙata, amsa disinfekshan mai ƙarfi ce. In an ce wace hanya ce ta fi dacewa ga sifekulom na ƙarfe a wurin da ke da otokilef, amsa otokilef ce, don babu laifi a wuce mafi ƙaranci matuƙar kayan na jure zafi.

Mataki na uku: me kayan zai iya jurewa

Bayan ka san matakin tsabtar da ake buƙata, sai ka tambayi kanka da me aka yi kayan. Ƙarfe da yadi da gilashi suna jure zafi da danshi, don haka tururi mai matsi a cikin otokilef ne zaɓin farko: ya fi sauri, ya fi arha, ba ya barin guba. Lambobin da ake so ka riƙe su ne digiri 121 a ma'aunin Salshiyas, da matsi 15 psi, na aƙalla minti 15, sannan a kai minti 30 in kayan a naɗe suke. Akwai kuma digiri 134 na minti 3 a injin da ke zuƙe iska kafin tururi ya shiga. Lissafin lokaci yana farawa ne daga sa'ad da zafin ya kai inda ake so, ba daga lokacin da aka kunna inji ba. Wata tambayar kuma takan ce mene ne ke kashe ƙwayar, matsi ko zafi. Zafi mai danshi ne ke kashewa ta hanyar dafe furotin ɗin ƙwayar. Aikin matsi kawai shi ne ɗaga zafin tururi ya wuce digiri 100.

Mai da hoda da kayan da tururi ba ya ratsawa ko yake sa su tsatsa, su ake kaiwa tanda mai busasshen zafi. Busasshen zafi ya fi jinkiri, shi ya sa lambobinsa suka fi girma: digiri 160 na awa 2, ko 170 na awa 1, ko 180 na minti 30. Roba da yadi ba sa shiga nan, ƙonewa za su yi.

Kayan da zafi ke lalatawa, irin su robobi da na'urori masu madubi da waya, ana bi da su ta iskar etilin oksaid, wadda ke ratsa ko'ina amma guba ce, dole a bar kayan su sha iska na awanni kafin su taɓa mutum, ko ta haidirojin feroksaid a inji na musamman. Sirinji da safar hannu da ake amfani da su sau ɗaya, a masana'anta ake gama da su, galibi da hasken gamma ko da iskar etilin. Ruwan magani da zafi ke ɓatawa kuma tacewa ake yi da mataci mai ƙofofin maikuron 0.22, wanda ke tare bakteriya amma bairos na iya wucewa.

Gulutaraldehaid mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari ya cancanci a tsaya a kansa, domin magani ɗaya ne mai aiki biyu, kuma lokaci ne ke raba su. Jiƙawa ta minti 20 disinfekshan ce mai ƙarfi. Jiƙawa ta awa 10 ita ce ke kashe sifo. Tambaya za ta ce an jiƙa almakashin tiyata minti 20 a ciki, shin ya isa a yi aiki da shi? Bai isa ba, domin almakashin ɗan gida na farko ne. Bayan jiƙawar kuma dole a ɗauraye da ruwan da shi ma ba ƙwaya a cikinsa, don maganin yana ƙona nama. Tafasawa ita ma haka take: ruwa ba ya wuce digiri 100 komai daɗewarsa a wuta, sifo da yawa suna tsira, don haka tafasawar minti 20 disinfekshan ce mai ƙarfi, ba ta kai kashewa kakaf ba.

Mataki na huɗu: ta yaya aka san ya yi

Tef ɗin da ake liƙawa a bayan ƙunshi, wanda layukansa ke yin duhu, shaida ce kawai cewa ƙunshin ya shiga zafi. Ba ya cewa tururi ya kai tsakiya, ba ya cewa lokaci ya cika. Ɗalibai da yawa suna faɗawa nan saboda a wurin aiki tef ɗin kowa ke dubawa. In tambaya ta nemi shaidar da ta fi kowace ƙarfi, amsa ita ce gwajin ƙwaya mai rai: ana sa sifo masu taurin kai a cikin inji tare da kaya, bayan an gama a yi renonsu a ga ko za su farfaɗo. Na tururi shi ne Geobacillus stearothermophilus. Na busasshen zafi da iskar etilin shi ne Bacillus atrophaeus. Gwajin Bowie-Dick wani abu ne daban, yana duba ko injin da ke zuƙe iska ya fitar da iskar duka, domin iskar da ta maƙale tana hana tururi isa ga kaya.

Ga irin labarin da ake kawowa. An buɗe otokilef, tef ya sauya launi, amma yadin da aka naɗe ƙunshin yana da danshi, har ɗigon ruwa na kwance a ƙasan tire. Zaɓi: a shanya shi a kan tebur ya bushe, a yi amfani da shi nan take kafin ya gurɓata, a ajiye shi daban a yi amfani da shi a ƙananan ayyuka, ko a sake naɗewa a mayar. Amsa ta ƙarshe ce. Jiƙaƙƙen yadi yana jan ƙwaya daga waje zuwa ciki kamar yadda lagwani ke jan kananzir, don haka ƙunshi mai danshi gurɓatacce ne ko da komai na injin ya tafi daidai. Haka hukuncin yake ga ƙunshin da ya yage ko ya faɗi ƙasa. In an tambayi musabbabi, nemi cika inji fiye da kima, ko matse ƙunshi da juna, ko buɗe ƙofa kafin lokacin bushewa ya cika. Almakashi da hantsaki kuma a buɗe ake sa su, don tururi ya shiga mahaɗarsu.

Lissafin kulorin

Wannan maki ne na kyauta ga wanda ya riƙe ƙa'ida ɗaya. Ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, wato 1000 ppm, na goge saman kaya ne na yau da kullum. Kashi 0.5, wato 5000 ppm, na wurin da jini ya zube ne, ko da yake wasu manhajojin suna koyar da kashi 1, don haka ka bi ta makarantarku. Ƙa'idar sirkawa ita ce:

```
kason ruwa = (ƙarfin da ke kwalba ÷ ƙarfin da ake so) − 1
```

In bilicin da ke kwalba kashi 3.5 ne ana son 0.5, raba 3.5 da 0.5 ka sami 7, cire 1 saura 6. Kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa. Za ka ga 7 a cikin zaɓi, an sa shi ne don wanda ya manta cire ɗaya. In na kwalbar kashi 5 ne, ruwa kashi 9. Haɗin kuma kullum ake yin sabo, domin haske da zafi suna rage masa ƙarfi.

Akwai wuri ɗaya da tsofaffin littattafai da sababbi suka saɓa. Da can ana koyar da jiƙa kayan aiki a kulorin 0.5 na minti 10 kafin wanki. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 kan sake shirya kayan aiki ta ce a daina, saboda yana cin ƙarfe kuma jini na kashe masa ƙarfi. In tambayar ta ambaci hukumar, ka bi sabon hukunci. In ta fito daga tsohuwar manhaja, jiƙawar za ta nema.

Mataki na biyar: hannu ma kayan aiki ne

Lokuta biyar na tsabtace hannu, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a jagorarta ta 2009, kowa na iya jera su: kafin taɓa majinyaci, kafin aiki mai buƙatar tsabta, bayan yiwuwar taɓa ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Jerawa ba ta ba da maki a tambayar labari. Abin da ke bayarwa shi ne fahimtar taswirar da aka gina su a kai.

An ɗauka kowane majinyaci yana da yankinsa: jikinsa, gadonsa, zanin gado, teburin gefe, sandar ƙarin ruwa, na'urar da aka jona masa. Duk waɗannan cike suke da ƙwayoyinsa. Abin da ke wajen wannan yanki, wato sauran ɗakin, sauran majinyata, teburin ma'aikata, na kowa ne. A cikin yankin kuma akwai wurare masu haɗari iri biyu: inda ƙwaya za ta iya shiga jikinsa, kamar ciwo, ido, baki, bakin kanula, da inda ruwan jikinsa zai iya taɓa ka. Lokaci na 1 da na 4 da na 5 na ƙetare iyakar yanki ne, shiga da fita. Na 2 da na 3 na wurare masu haɗari ne a ciki. Na 1 da na 2 suna kare majinyaci, na 3 da na 4 da na 5 suna kare ma'aikaci da sauran ɗakin.

Bari mu bi labari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, irin wanda ake cewa "sau nawa ya kamata ta tsabtace hannu".

Nas ta gama rubutu a fayil a teburin ma'aikata, ta nufi gado na farko. Ta taimaka wa majinyaci ya tashi zaune, ta ji bugun jijiyarsa, ta auna jininsa. Sannan ta sa safar hannu ta cire tsohon bandejin da ke ƙafarsa, ta jefar. Ta cire safar, ta sa sabuwa, ta wanke ciwon ta naɗe. Ta cire safar, ta gyara masa matashi ta kwantar da shi. Ta wuce gado na biyu, inda majinyacin ke barci, ta rage gudun ƙarin ruwa ba tare da ta taɓa shi ba, ta koma tebur.

Daga fayil zuwa kafaɗar majinyaci hannu ya ƙetare iyaka, lokaci na 1 ke nan, tsabtacewa ta farko. Tsakanin tayar da shi da jin bugun jijiya da awon jini babu komai, domin duk lafiyayyar fatar mutum ɗaya ce. Masu ƙirga kowace taɓawa suna wuce amsa a nan.

Daga maɗaurin awon jini zuwa bandeji, hannu na barin fata zuwa wurin da ƙwaya za ta iya shiga. Lokaci na 2, tsabtacewa ta biyu, kuma kafin sa safar hannu ake yin ta. Mutum zai ce ai ta riga ta tsabtace hannu da ta shigo, kuma majinyacin ɗaya ne. Amsa ita ce ƙwayoyin da ke hannunsa da hamatarsa ba su da illa a can, amma in suka shiga ciwo sai su zama cuta. Lokaci na 2 yana kare shi har daga ƙwayoyin jikinsa.

Da ta cire tsohon bandeji ta tuɓe safar, ta taɓa ruwan ciwo, kuma za ta shiga aiki mai tsabta. Lokaci na 3 da na 2 sun haɗu a wuri ɗaya, tsabtacewa ɗaya ta wadatar musu, ita ce ta uku. Sauya safa ba ya maye gurbin wannan. Safa tana da ƙananan huji da ido ba ya gani, kuma wajen tuɓewa hannu kan shafi bayanta.

Bayan ta gama naɗi ta cire safa ta biyu, lokaci na 3 kuma, tsabtacewa ta huɗu, nan take kafin ta taɓa matashi. In ta jinkirta, ta kwashi ruwan ciwo ta shafa a matashin da fuskarsa za ta kwanta. Da ta kwantar da shi za ta bar yankinsa, lokaci na 4, ta biyar. A gado na biyu ba ta taɓa mutum ba, robar ƙarin ruwa kawai ta taɓa, don haka da za ta tafi lokaci na 5 ne, ta shida. Amsa shida ce.

Sauya abu ɗaya a labarin ka ga yadda amsa ke motsi. Da a gado na biyu ta taɓa goshin majinyacin, tsabtacewar da ta yi tsakanin gadajen biyu za ta ɗauki lokaci na 4 da na 1 tare, matuƙar ba ta taɓa komai a hanya ba, ta ƙarshen kuma ta zama lokaci na 4 maimakon na 5. Jimla tana nan shida, sunaye ne suka sauya. Lokaci na 5 ana kiransa ne kawai in ba a taɓa majinyacin ba sam. Da kuma allurar magani za ta yi ta bakin kanula maimakon rage gudu, wannan lokaci na 2 ne, don ta buɗe hanyar jini.

Ayyukan da ke ruɗa mutane su ne waɗanda ba su yi kama da "aiki mai tsabta" ba amma suna ciki: ɗiga magani a ido, goge wa majinyaci baki, haɗa magani, shirya abincinsa. Sauraren ƙirji da lalubar ciki da sa abin iskar numfashi a fuska kuwa lokaci na 1 ne. Zubar da jakar fitsari na 3 ne, ko da ba a ga ɗigo ko ɗaya a hannu ba, domin yiwuwar taɓawa ake dubawa.

Sanitaiza ko sabulu

In hannu ba shi da dauɗar da ake gani, sanitaiza mai sifirit kashi 60 zuwa 80 ita ce zaɓin farko. Ta fi sauri, ta fi kashe ƙwaya, ba ta busar da fata kamar yawan sabulu. Ana gogawa daƙiƙa 20 zuwa 30 har hannu ya bushe da kansa, ba a share ta da tawul. Wanki da ruwa da sabulu yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60 daga jiƙa hannu zuwa busarwa. Ɗalibai sukan ɗauka sabulu ne amsar da ta fi aminci a kowane hali, sai su rasa maki a tambayar da ta ce hannu a tsabtace yake a ido.

Sabulu yana zama dole a hali uku: hannu ya ɓaci da jini ko wani ruwan jiki a bayyane, bayan shiga bayi, da kuma bayan kula da mai gudawar Clostridioides difficile. Dalilin na ukun shi ne sifo ɗin nan da muka faro da shi. Sifirit ba ya kashe shi, sabulu ma ba ya kashe shi, amma gogewa da kwararar ruwa suna cire shi daga fata. Tambayar ba lallai ta ambaci sunan ƙwayar ba. Za ta ce dattijo ne da ya daɗe yana shan maganin kashe bakteriya a asibiti, sai ya fara gudawa mai ruwa. Daga nan ake so ka gane, ka zaɓi safar hannu da sabulu da ruwa, sannan gadonsa da bayinsa a goge da kulorin, tunda sifirit ba zai yi wa sifo komai a kan ƙarfe ba kamar yadda bai yi a hannu ba.

Wannan yana bin jerin taurin kan ƙwayoyi, wanda shi ma ake tambaya. A sama akwai firiyon, furotin mai haddasa cutar ƙwaƙwalwa, wanda ko otokilef na yau da kullum bai ishe shi ba, sai an kai digiri 134 na minti 18. Sai sifo, sai ƙwayar tarin fuka da danginta, sai bairos marasa rigar kitse, sai fangas, sai bakteriya na gama-gari. A can ƙasa, mafi sauƙin mutuwa, bairos masu rigar kitse ne, kuma a cikinsu ƙwayar cutar ƙanjamau take, da ta ciwon hanta nau'in B da C. Shi ya sa tambayar da ta ce an yi amfani da abin sauraren ƙirji a kan mai ƙanjamau, shin a kai shi otokilef, amsarta a'a ce. Lafiyayyar fata ya taɓa, gida na uku yake, goge shi da sifirit kashi 70 ya wadatar, daidai da yadda za a yi bayan kowane majinyaci.